Daga Minitin Taro zuwa Kundin Ƙudurori: Me Aka Zartar, Wa Ya Kawo, Me Aka Ɗage?

Duk wanda ya taɓa riƙe sakatarcin kamfani ko ƙungiya ya san irin wannan ranar. Banki ya ce ba zai sauya masu sa hannu a asusu ba sai an kawo masa ƙudurin hukumar daraktoci. Shugaba ya ce ai an gama wannan magana tun bara. Ma'aji ya ce shi abin da ya tuna, an tattauna ne kawai aka ce a bari tukuna. Sai a juyo kan sakatare, shi kuma ya sauko da fayil, ya shiga buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya yana neman jimla guda a cikin rubutun zama goma sha biyu. Wani lokaci ya same ta. Wani lokaci kuma abin da zai tarar shi ne "mambobi sun yi doguwar muhawara a kan batun", daga nan rubutun ya wuce abu na gaba, ba a faɗi inda muhawarar ta tsaya ba.

Maganin wannan wahala wani ɗan littafi ne da ake ajiyewa kusa da minitin taro, wanda za mu kira kundin ƙudurori. Minit labarin zama ne, yana bin taro daga buɗewa da addu'a har zuwa tashi. Shi kuwa kundi ba ruwansa da labari. Abu uku yake tsamowa daga kowane zama: abin da aka zartar, wanda ya gabatar da shi, da abin da aka ɗage zuwa gaba. Aikin yana kama da kwafe kawai, amma a wajen kwafen ne ake yin ɓarnar da ba a ganewa sai bayan shekara.

Kafin mu shiga aikin, ya kamata a san matsayin minit a idon doka, domin daga nan ne kundi yake samun iyakarsa. A Najeriya, dokar kamfanoni da ake kira CAMA, wadda aka sabunta a shekarar 2020, ta wajabta wa kamfanoni su rubuta abin da ya gudana a taron masu hannun jari da na daraktoci a littattafan da aka tanada don haka. Ta kuma ce minitin da shugaban taron ya sa wa hannu, ko shugaban zaman da ya biyo baya, hujja ne a kan abin da ya faru har sai an kawo abin da ya rushe shi. Ke nan minit shi ne asali. Kundi reshe ne, jagora ne mai nuna wa mutum shafin da zai buɗe. Idan suka saɓa, minit ake bi. Saboda haka mai haɗa kundi ba shi da hurumin ƙara kalma ko rage ta, ko da ya tabbata ya fi minit sanin abin da aka so a faɗa.

Bari mu ƙaddara wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa mai daraktoci biyar: shugaba, daraktan ayyuka wanda kowa ke kira Injiniya, ma'aji, da wasu biyu. Sun yi zamansu na uku na shekara ranar 16 ga Mayu, 2024, dukansu sun halarta. Ga minit a gaban sakatare, yana so ya fitar da abin da zai shiga kundi.

Abu na farko da zai duba ba ƙudurorin ba ne, saman takardar ne: ranar zama, sunayen waɗanda suka halarta, da ko adadinsu ya kai a yanke hukunci. Dokar ta ce idan dokokin cikin gida na kamfani ba su faɗi wani abu daban ba, mutum biyu sun isa inda daraktoci ba su wuce shida ba, idan kuwa sun wuce shida sai an sami kashi ɗaya cikin uku. Zaman da bai cika adadi ba hira ce, duk abin da aka tsayar a cikinsa ba ya shiga kundi a matsayin ƙuduri sai zama cikakke ya tabbatar da shi. A misalinmu biyar ne suka zauna, don haka an wuce nan lafiya.

Batun janareta

Abu na biyar a ajanda shi ne sayen janareta. Minit ya ce Injiniya ya yi bayanin yadda ɗaukewar wuta ke tsayar da injin casa, sannan ya gabatar da shawarar a sayi sabon janareta a kan kuɗin da bai wuce naira miliyan 18 ba. Ɗaya daga cikin daraktoci ya mara masa baya. Ma'aji ta ce kuɗin ya yi yawa, ta kawo gyara cewa a mayar da iyakar naira miliyan 15, kuma kada a biya sai an karɓi farashi a rubuce daga 'yan kasuwa uku. Aka kaɗa ƙuri'a a kan gyaran, uku suka amince, biyu suka ƙi. Daga nan aka kaɗa a kan shawarar kamar yadda aka gyara ta, huɗu suka amince, ɗaya ya ƙaurace.

A wannan sakin layi guda akwai ramuka uku. Na farko shi ne adadin kuɗi. Mai gaggawa idonsa zai fara faɗawa kan miliyan 18, tunda ita ce a farkon magana kuma ita ce ke tare da kalmar "gabatar". Amma miliyan 18 ba a taɓa zartar da ita ba. Shawara ce da ta shigo ɗaki, aka sauya mata kama kafin ta fita. Abin da ke shiga kundi shi ne lafazin ƙarshe da aka kaɗa wa ƙuri'a, tare da sharaɗinsa. Wannan sharaɗi na farashi uku shi ne aka fi yarwa a hanya, don ana ganin sa kamar ƙarin bayani, alhali kuwa ɓangaren ƙudurin ne. Idan aka sayi janareta a miliyan 14 daga mutum ɗaya ba tare da an nemi sauran farashin ba, an saɓa wa hukumar duk da ba a kai iyakar kuɗin ba. Ranar da mai binciken kuɗi ya zo, wannan layin zai nema.

Rami na biyu shi ne tambayar wa ya gabatar. Wasu sukan rubuta sunan ma'aji, suna cewa ai maganarta ce ta yi nasara. Wannan kuskure ne. Shawarar ta Injiniya ce, gyara ne na ma'aji, kuma kowanne yana da gurbinsa. Na uku shi ne ƙuri'a: sau biyu aka kaɗa, kuma sakamakon da ya zartar da ƙudurin shi ne na biyu. Wanda ya ƙaurace kuma ba a lissafa shi cikin masu ƙi. Ga yadda shigarwar za ta kasance:

Lamba: 2024/3/1. Ranar zama: 16 ga Mayu, 2024. Minit: abu na 5.
Ƙuduri: A sayi sabon janareta a kan kuɗin da bai wuce naira miliyan 15 ba, bayan an karɓi farashi a rubuce daga 'yan kasuwa uku.
Mai gabatarwa: daraktan ayyuka. Gyara: ma'aji, an amince 3 da 2.
Ƙuri'ar ƙarshe: 4 sun amince, babu mai ƙi, 1 ya ƙaurace.
Mai aiwatarwa da wa'adi: minit bai ambata ba.

Lambar tana nufin shekara, zama na nawa, ƙuduri na nawa a zaman. Da ita ake kiran ƙudurin har abada, ba a sake ba wani ita. Layin ƙarshe kuma shi ne wanda na fi so mai karatu ya lura da shi. Kowa ya san Injiniya ne zai je kasuwa neman janareta, amma hukumar ba ta faɗa ba, don haka sakatare ba zai faɗa a madadinta ba. Abin da zai yi shi ne ya nuna wa shugaba giɓin, a cike shi a zama na gaba.

Idan ba a kaɗa ƙuri'a ba fa?

A gaskiya yawancin tarukanmu ba haka suke tafiya ba. Ba kasafai ake ɗaga hannu ana ƙirgawa ba. Akan yi ta magana har a gaji, sai shugaba ya dubi jama'a ya ce, "To, mun amince ke nan?" Wani ya gyaɗa kai, wani ya ce "Allah ya sa albarka", a wuce. Wannan hanya ba ta da aibu, kuma abin da aka tsayar ta haka ƙuduri ne, muddin an faɗi abin da ake amincewa da shi a fili kuma babu wanda ya ja. A kundi sai a rubuta cewa an amince ba tare da ƙuri'a ba, babu mai adawa. Kada a ƙirƙiro lissafin biyar da sifili, domin ba a ƙirga ba.

Matsalar tana wajen mai gabatarwa. Sau da yawa magana takan taso daga bakin wannan, wancan ya ƙarasa ta, shugaba ya dunƙule. Idan minit bai kama sunan kowa ba, gurbin ya zauna da "minit bai ambata ba". Rashin sunan ba ya rage wa ƙudurin ƙarfi, tunda amincewar mafi rinjayen daraktoci ce ke zartar da shi, sai fa idan dokokin cikin gida na ƙungiyar sun shardanta mai gabatarwa da mai mara baya. Amma liƙa wa mutum sunan abin da bai kawo ba zalunci ne ƙarami da kan girma. In cinikin ya lalace bayan shekara biyu, sunan da ke kundi shi za a fara nunawa da yatsa. Haka kuma manaja ko akanta da aka gayyato ya karanta takardar bayani ba shi ne mai gabatarwa ba, domin ba ɗan hukumar ba ne. A rubuta cewa takardar daga ofishinsa ta fito, a bar gurbin gabatarwa ga daraktan da ya ɗauki maganar ya ce a zartar.

Mara baya kuwa, al'adu sun bambanta. Littafin ƙa'idojin taro da wani hafsan sojan Amurka mai suna Henry Robert ya fara bugawa a 1876, wanda ƙungiyoyi da yawa ke bi har yau, ya tafi a kan a rubuta sunan mai gabatarwa, na mai mara baya kuwa ba dole ba ne. A nan gida an saba rubuta duka biyun. Ni ina ganin a bi abin da minit ya yi, in ya kawo suna a kwafe, in bai kawo ba a bari.

Maganar da ta yi kama da ƙuduri

Mu koma kamfanin shinkafa. Abu na shida ƙarin albashin ma'aikata ne, kuma ya ci shafi guda da rabi. Minit ya ce dukan daraktoci sun yarda cewa tsadar rayuwa ta sa albashin yanzu ba ya isa, wani ya ce a ƙara kashi 20 cikin 100, wani ya ce 15. A ƙarshe shugaba ya ce a jira rahoton mai binciken kuɗi kafin a yanke hukunci, kowa ya amince.

Nan ne sakatare mai tausayi yake faɗawa. Ya ga "dukan daraktoci sun yarda", zuciyarsa kuma tana tare da ma'aikata, sai ya rubuta cewa an amince da ƙarin albashi, saura a tsayar da adadi. Kafin mako ya zagayo labari ya kai wajen masu ɗaukar buhu, an fara lissafin abin da za a yi da ƙarin. Alhali abin da daraktoci suka yarda da shi shi ne akwai matsala. Ba su yarda da ko sisi ba. Gwajin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: shin akwai wanda zai iya ɗaukar wannan jimla gobe da safe ya aikata wani abu da ita, ya biya kuɗi, ya sa hannu, ya ɗauki ma'aikaci ko ya sallame shi? In babu, to ba a zartar da komai ba. Kalmomi irin su "an tattauna", "an lura", "an yaba", "an nuna damuwa", "an ba da shawara" duk ba sa haifar da ƙuduri. Rahoton da aka ce "an karɓa" ma, karɓarsa ba ta nufin an amince da shawarwarin da ke cikinsa.

Wurin batun albashi shi ne ɓangare na biyu na kundin, na abubuwan da aka ɗage, kuma a ganina wannan ɓangaren ya fi na farko amfani. Ƙudurin da aka zartar yana da mai bibiyarsa, domin akwai wanda ke jiran kuɗi ko kaya. Abin da aka ɗage kuwa maraya ne. Ba ya cikin ajandar gaba sai wani ya tuna, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa buƙatarsa ba ya cikin ɗakin.

Ɗagewa kuma ba iri ɗaya ba ce, ko da yake bakinmu yakan haɗa su duka a "a bari tukuna". Akwai wadda aka yanka wa rana, kamar a ce sai zaman 18 ga Yuli. Wannan mai sauƙi ce, sakatare ya sa ta a ajandar ranar ba sai ya tambayi kowa ba. Akwai wadda aka rataya a kan sharaɗi, irin ta albashin nan. Ita dole a rubuta sharaɗin da kuma wanda ake jira, domin in rahoton mai binciken kuɗi ya iso a Agusta, ranar ce batun ya farka, kuma sai mai riƙe da kundi ne zai lura. Akwai wadda aka miƙa wa kwamiti, inda ake buƙatar sunan kwamitin, abin da aka ce ya yi, da ranar da zai dawo da rahoto. Sannan akwai batun da ba a ma kai gare shi ba, lokaci ya ƙure aka tashi. Shi ba a ɗage shi ba, yana nan a layi, kuma shi ya kamata a fara da shi.

Abu biyu kuma sukan saje da ɗagewa alhali ba ita ba ne: shawarar da mai ita ya janye, da wadda aka ƙi. A nan kunyarmu takan shigo. Ba ma son a ce wa dattijo an ƙi maganarsa a gaban jama'a, sai a ce "Alhaji, a bar wannan zuwa gaba", kowa kuma ya gane an rufe ta. Sakatare ba zai rubuta an ƙi ba, tunda ba a faɗa ba. Zai rubuta an ɗage ba tare da rana ba, ya kuma riƙa dawo da ita cikin jerin abubuwan da ke jiran hukunci. In ta zagayo sau biyu ko uku, shugaba zai ga ya fi sauƙi a nemi mai ita ya janye cikin mutunci, a rufe layin. Hakan ya fi a bar ta tana reto, shi yana zaton tana raye, sauran suna zaton an binne ta.

Wanda minitinsa da Turanci aka rubuta, akwai wani tarko da ya kamata ya sani. Kalmar nan da ke nufin ɗora abu a kan tebur, a al'adar Birtaniya wadda muka gada tana nufin an gabatar da batu don a tattauna, a Amurka kuwa tana nufin an jingine shi. Kalma ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna. In ta bayyana, a karanta abin da ya biyo bayanta kafin a yanke wa batun gurbi, in kuma bai fito fili ba a tambayi shugaban zaman.

Abubuwa biyu da suka rage a zaman

Abu na bakwai hayar sito ne, kuma siton na ɗaya daga cikin daraktocin ne. Minit ya ce ya bayyana hakan da bakinsa, ya fita, sauran huɗu suka miƙa batun ga kwamitin mutum biyu ya duba farashin haya a unguwar ya dawo da rahoto a zama na gaba. Wannan yana shiga wuri biyu: kafa kwamitin ƙuduri ne mai lambarsa, hayar kanta kuma tana cikin abubuwan da ke jira. A gefen duka biyun a rubuta cewa mai siton ya bayyana alaƙarsa kuma bai shiga hukuncin ba. Doka ta ɗora wa darakta ya bayyana irin wannan alaƙa, kuma wannan ɗan layi shi ne zai wanke shi ranar da wani ya ce an yi son kai.

Na takwas shi ne sauya sunan kamfani, wanda minit ya ce daraktoci sun amince da shi baki ɗaya. Sai dai wannan ba hukuncin daraktoci ba ne. Sauya suna yana buƙatar ƙuduri na musamman daga masu hannun jari, wanda sai ya sami kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, bayan an ba da sanarwar kwana 21, sannan a kai kwafinsa Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, cikin kwana 15. Sakatare zai kwafe lafazin minit yadda yake, amma a gurbin matsayi ya rubuta cewa ana jiran taron masu hannun jari, don kada wani ya je ya buga sabon suna a buhu.

Akwai kuma ƙudurorin da ba sa bi ta zama ko kaɗan. Doka ta yarda daraktoci su zartar da abu a rubuce idan dukansu suka sa hannu, kuma irin wannan yakan faru in abu ya taso da gaggawa tsakanin zama biyu. Tunda ba ya cikin kowane minit, shi ne ya fi saurin ɓata. A ba shi lamba a kundi ranar da hannu na ƙarshe ya hau, a liƙa takardar a littafin minit.

Lokacin da ya fi dacewa a yi duk wannan aiki shi ne cikin kwana biyu ko uku bayan zama, tun magana tana da ɗumi a kunne. Amma a lokacin minit ɗin daftari ne, ba a karanta shi an amince ba, don haka kowace shigarwa a yi mata alamar "daftari" har sai shugaba ya sa hannu a zama na gaba, sannan a sake gwada lafazin kalma da kalma a cire alamar. Idan kuma wata rana hukumar ta sauya ra'ayi, misali farashi ya tashi aka ɗaga kuɗin janareta zuwa miliyan 17 a zama na huɗu, ba a goge tsohon layi. Sabon ƙuduri ya karɓi lambarsa, 2024/4/1, a rubuta a jikinsa cewa ya maye gurbin 2024/3/1, a koma kan tsohon a rubuta "an sauya, duba 2024/4/1", tare da kwanan wata.